An Cire Kuɗi Amma Bai Tafi Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kuɗin da Ya Maƙale a Banki

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu hulɗa da bankuna a Najeriya, 'yan kasuwa da ma'aikata da masu sana'ar POS. Duk wa'adin da aka ambata a ƙasa na Babban Bankin Najeriya ne, wato CBN, don haka bankunan Najeriya ya shafa.

Inji ya nuna bai yi ba, ga kuma alat ya shigo an cire min kuɗi. Yaya haka take faruwa?

Idan ka sa kati a POS ko ATM, ba kai tsaye injin yake magana da bankinka ba. Saƙon yana tashi daga injin zuwa bankin ko kamfanin da ya mallake shi, daga nan ya bi ta hannun kamfanin da ke haɗa bankuna, irin su Interswitch, sannan ya isa bankin da ya ba ka katin. Bankinka ya duba ya ga akwai kuɗi kuma lambar sirri daidai take, sai ya cire, ya aika da amsa cewa ya amince. Wannan amsa dole ta koma ta hanyar da saƙon ya biyo, kuma daƙiƙu kaɗan injin yake jiran ta. In sabis ya tsinke a hanyar dawowa, ko amsar ta makara, injin zai ɗauka cinikin bai yiwu ba ya fitar da rasit mai ɗauke da DECLINED, alhali bankinka ya riga ya cire.

A tsari, da zarar haka ta faru akwai saƙo na biyu da ake aika wa bankinka cewa a soke, a mayar. Idan ya isa, kuɗinka kan dawo cikin 'yan mintuna, wani lokaci ma kafin ka bar wurin. Matsalar ita ce sabis ɗin da ya hana amsar farko dawowa shi ne kuma zai ɗauki saƙon sokewar. In shi ma ya ɓace, sai an jira bankunan biyu su gwama lissafinsu.

To kuɗin yana ina yanzu? Ko mai POS ne ya riƙe?

Yawanci ba ya hannunsa. Ɗayan uku ne: ko kuɗin yana asusun wucin gadi na bankinka yana jiran a tantance, ko ya wuce zuwa bankin mai injin amma bai shiga asusun kowa ba, ko kuma ya shiga asusun mai karɓa daga baya duk da rasit ya ce bai yi ba. Na ukun ba shi ne ya fi yawa ba, amma shi ya fi haddasa rigima a kasuwa. Alat ɗin da ke wayarka ba zai iya gaya maka wanne ne daga cikin ukun ba, domin abin da kawai yake shaida shi ne kuɗi ya fita daga asusunka. Abin da ke rabe su ita ce lambar shaidar cinikin, wadda aka yi bayaninta a ƙasa.

Kwana nawa ya kamata in jira kafin kuɗin ya dawo da kansa?

Ya danganta da hanyar da aka bi. Tun 8 ga Yunin 2020 CBN ya rage wa'adin da bankuna ke ɗauka a kan kati. Idan ka yi amfani da katinka a ATM na bankinka aka cire bai ba ka kuɗi ba, nan take ya kamata a mayar, in kuma na'ura ta kasa, ma'aikata su mayar da hannu cikin awa 24. Idan ATM na wani banki ne daban, awa 48. Idan POS ne ko saye ta intanet, awa 72. Tura kuɗi daga banki zuwa banki kuwa yana ƙarƙashin wata ƙa'ida ce ta 2018: turawar da ta gaza dole a mayar wa mai asusu cikin awa 24, kuma akwai tarar naira 10,000 a kan kowace ɗaya da banki ya yi sakaci da ita. Tarar hukunci ce a kan banki, ba aljihunka take shiga ba, amma sanin akwai ta yana da amfani ranar da kake rubuta ƙorafi.

Dalilin bambancin a fili yake. A ATM na bankinka, kati nasu ne, inji nasu ne, ba wanda za su tambaya. A na wani banki ko POS kuwa sai bankinka ya nemi ɗaya ɓangaren ya tabbatar ba a ba ka kuɗi ko kaya ba.

Wannan a takarda ke nan. A zahiri, abin da na'ura ba ta mayar da kanta a ranar farko ba yakan koma teburin ma'aikata, su kuma ranakun aiki suke ƙirgawa. Cinikin da ya maƙale da yammacin Juma'a sau da yawa sai Litinin ko Talata ake taɓa shi, in kuma hutun Sallah ya shiga tsakani sai a ƙara haƙuri. Har yanzu za ka ji wasu ma'aikatan suna cewa kwana biyar zuwa bakwai na aiki. Kada ka yi musu faɗa, amma ka ambaci wa'adin CBN a rubuce, ka kuma nemi lambar ƙorafi.

Wace lamba ce ake cewa in kawo? Na ga lambobi da yawa a rasit.

Biyu ne suka fi muhimmanci. Ga turawa tsakanin bankuna, wadda ke bi ta tsarin turawar nan take mai suna NIP na NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, lambar ita ce Session ID, mai alƙaluma 30. Ga cinikin kati a POS ko ATM, ita ce RRN, mai alƙaluma 12. A rasit ɗin POS za ka kuma ga STAN mai alƙaluma 6 da Terminal ID mai haruffa da alƙaluma 8, wanda shi ne sunan injin a wurin banki. STAN ita kaɗai ba ta wadatar, domin gajeriya ce kuma tana maimaituwa, amma idan ta haɗu da RRN da lambar injin da kwanan wata, ba a rasa cinikin.

Session ID tana da tsari da za ka iya karantawa da kanka. Ga misali na koyarwa, an rarraba shi don a gane:

```
000099 250314162645 481920375611
```

Shida na farko lambar bankin da ya tura ne. Goma sha biyu na tsakiya shekara ce da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa, a nan 14 ga Maris 2025, ƙarfe 4:26 na yamma da daƙiƙa 45. Sauran goma sha biyun su ke bambanta wannan turawa da duk wata. Wannan yana da amfani ga ɗan kasuwa: in wani ya nuna maka rasit mai kwanan watan yau amma tsakiyar lambar tana nuna watan jiya, ka san an taɓa rasit ɗin.

Abin lura shi ne manhajar banki kan nuna wata lambar dabam mai suna Transaction Reference ko Reference Number. Wannan ta cikin gida ce, bankinka kaɗai ke gane ta. In ka kai ta bankin mai karɓa za su duba su ce ba su ga komai ba, kuma gaskiya suka faɗa. Session ID ce bankunan biyu suka yi tarayya a kanta.

A ina zan samo ta idan ban ajiye rasit ba?

Shiga tarihin cinikayya a manhajar bankinka, ka taɓa wannan cinikin, ka buɗe rasit ɗinsa. Yawancin manhajoji suna sa Session ID a can ƙasa. Idan da USSD ka tura, ko alat ɗin ya datse bayanin, nemi takardar bayanan asusu, wadda aka fi sani da sitetimen, ko ka je reshe ka faɗi rana da adadin kuɗi da asusun da aka tura wa, su fitar maka. Haƙƙinka ne. Ga POS kuma mai injin yana iya sake fitar da rasit ɗin, ko ya nuna maka shi a tarihin injin ka ɗauki hoto.

Na tura wa mutum kuɗi, an cire, shi kuma ya ce bai gani ba. Me zan yi?

Mu ɗauki misali. Wata mai sayar da atamfa a Gusau ta tura wa dillalinta na Kantin Kwari naira 185,000 da yammacin Juma'a. An cire mata kuɗin har da cajin turawa, manhaja ta nuna Pending, dillali ya ce ba abin da ya shigo, ga mota tana shirin tashi. Abu na farko, ta ce masa kada ya tsaya jiran alat, ya buɗe manhajarsa ya duba ragowar kuɗinsa da tarihin shigar kuɗi, domin saƙon waya yana iya makara ko ya ƙi zuwa alhali kuɗi ya shiga. In ya duba babu, sai ta fitar da Session ID ta tura masa, ita kuma ta tuntuɓi bankinta da lambar, ta yi tambaya guda: mene ne matsayin wannan turawa a NIBSS?

Amsa uku ce za ta iya samu. In aka ce ta gaza, kuɗinta zai dawo, wa'adin awa 24 ya fara aiki, kuma za ta iya biyan dillali ta wata hanya hankali kwance. In aka ce ta yi nasara, to kuɗin ya bar bankinta, saura bankin dillali, kuma shi ne zai kai musu Session ID su nemo su sa masa. Ƙa'idar 2018 ta sa tara a kan bankin mai karɓa idan ya wuce minti 4 bai sa kuɗin da ya shigo a asusun mai shi ba. Akwai kuma abin da ke hana kuɗi zama ko da ya iso, misali asusun da ke da iyakar abin da zai iya ɗauka, ko wanda aka sa wa takunkumi, don haka ya tambaye su wannan ma. In kuwa aka ce har yanzu ba a samu amsa ba, wannan shi ne wuri mai haɗari, kuma shi tambaya ta gaba ta shafa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a yi ta jifan juna da hoton alat. Ita tana da alat na cirewa, shi ba shi da na shiga, kowa yana da gaskiya, kuma ba wanda ya matsa gaba.

Zan iya sake turawa tunda na farko bai shiga ba?

In an tabbatar maka ta gaza, ko ka ga kuɗin ya dawo, sake turawa. In tana Pending ko Processing, dakata. Turawar da ke rataye tana iya kammaluwa bayan awa ɗaya ko washegari, sai ya zama ka biya sau biyu. Daga nan kuma banki ba zai ɗauke ta a matsayin wadda ta gaza ba, domin duka biyun sun isa inda ka ce su je, sai dai ka roƙi mai karɓa ya dawo maka da ɗaya. Idan dole ne a biya yanzu, kamar kuɗin asibiti ko kayan da mota za ta ɗauka, ku yi magana a rubuce ta waya: ga lambar turawar farko, in ta shigo daga baya za a mayar. Da wanda ba ka sani ba kuwa, gara ka jira.

A wurin mai POS ne abin ya faru. Me ya kamata in yi kafin in tafi?

Kada ka tafi ba rasit, ko da DECLINED ne a jikinsa, musamman ma idan shi ne. Takardar tana gogewa da zafi cikin 'yan kwanaki, don haka ɗauki hotonta nan take, RRN da lambar injin su fito sosai. Ka ce ya buɗe tarihin injin ku duba tare. In cinikin ya fito APPROVED a can, ya ba ka kuɗinka. In ya fito bai yi ba, kada ka matsa masa, domin ba abin da ya shigo masa, kuma ba shi da ikon mayar da abin da bai karɓa ba. Karɓi lambar wayarsa, ka lura da inda shagon yake.

Lambar amsa da ke jikin rasit tana ba da haske. 00 an amince. 51 kuɗi bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, kuma waɗannan biyu bankinka ne ya ƙi da kansa, don haka ba a cika cire kuɗi a kansu ba. 91 kuwa tana nufin ba a samu bankinka ko kamfanin haɗin ba, 96 kuma na'ura ce ta samu tangarɗa. A irin waɗannan ne ake yawan cirewa ba tare da ciniki ya kammala ba. In ka ga 91, kada ka yi ta sa katin sau uku sau huɗu, domin kowane gwaji ciniki ne dabam mai RRN nasa, kuma kowanne yana iya cire kuɗi.

Ni mai POS ne. Kwastoma ya nuna min alat, ni kuma injina ya ce bai yi ba. In ba shi kuɗin?

A'a, sai ka ga cinikin a tarihin injinka ko ragowar kuɗinka ya ƙaru. Ba shi rasit, ka nuna masa RRN, ka gaya masa bankinsa ne zai mayar masa. Ka kuma riƙa ajiye rasit da littafin shaida na waɗanda ka biya, domin in kwastoma ya kai ƙorafi bankinsa, kamfaninka zai nemi hujjar cewa ka ba shi kuɗi cikin ɗan gajeren wa'adi, in babu a cire daga wurinka. In kuma kuɗin ya faɗo maka daga baya, kada ka biya shi a hannu sai ka tabbatar bai riga ya shigar da ƙorafi ba, don kada ka biya sannan a sake cire maka.

ATM ya ƙirga, ya yi ƙara, bai fito da komai ba. Ko ya ba ni rabi.

Kowane ATM yana rubuta abin da ya faru a cikinsa, har da ko ya fitar da kuɗi ko ya haɗiye su, kuma idan aka ƙirga abin da ya rage a cikinsa rarar tana fitowa. Tsaya ɗan lokaci ka ga allon ya koma farko kafin ka matsa, ka rubuta lokaci da reshen da injin yake. Ƙorafi bankinka za ka kai, ba bankin mai injin ba, ko da a harabarsu kake tsaye. Idan rabi ya ba ka, kada ka jira na'ura ta gyara da kanta. Cike fom, ka rubuta abin da ka nema da abin da ka samu, misali ka nemi 20,000 ya ba ka 12,000, kana bin 8,000. Wa'adin yana cikin amsar kwana nawa a sama.

Ta yaya zan tabbatar an mayar, tunda ban ga alat ba?

Sau da yawa kuɗin da aka mayar ba ya zuwa da alat, kuma mutane da dama suna zuwa banki neman abin da ya riga ya dawo. Duba sitetimen daga ranar da abin ya faru. Za ka nemi shigar kuɗi daidai adadin da aka cire, galibi da alamar RVSL ko REV ko Reversal, kuma ɗauke da lambar shaidar cinikin farko. Lambar ce za ta tabbatar maka wanne aka mayar idan ka gwada sau biyu da adadi iri ɗaya. Wasu bankunan ma ba sa nuna layi biyu, sai su share cirewar gaba ɗaya kamar ba a yi ba, ragowar kuɗin ya koma yadda yake.

Ka duba caji ma. A misalin mai atamfa, turawar da ta haura naira 50,000 cajinta naira 50 ne da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 53 da kwabo 75. In turawa ta gaza wannan ma ya kamata ya dawo, kuma yakan zo a layinsa dabam.

Wa'adi ya wuce, kuɗi bai dawo ba. Ina zan kai ƙara?

Bankinka tukuna, kuma a rubuce, ta imel ko sashen ƙorafi na manhaja ko fom a reshe. Sa sunanka da lambar asusu, rana da lokaci, adadin kuɗi, hanyar da aka bi, Session ID ko RRN, da hoton rasit. In kati ne, alƙaluma shida na farko da huɗu na ƙarshe sun isa, kada ka rubuta duka. Kafin ka tashi ka karɓi lambar ƙorafi. Wanda aka ce wa je ka za mu duba ba tare da wannan lamba ba, ba shi da shaidar ya taɓa zuwa.

Idan sati biyu suka cika ba a warware ba, ko aka ba ka amsar da ba ka gamsu da ita ba, sai ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ta cpd@cbn.gov.ng ko ta reshen CBN na jiharka. Abin da za su fara nema shi ne shaidar ka kai wa bankinka, wato wannan lambar ƙorafi da kwanan watanta.

Banki ya ce ɗaya ɓangaren ya ƙi, wai cinikin ya yi nasara. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Wanda ya ƙi dole ya kawo hujja, rasit mai APPROVED ko rubutun cikin ATM da ke nuna an fitar da kuɗi. Nemi a nuna maka, ka gwada RRN da adadi da lokaci da na rasit ɗinka. Yakan faru mutum ya gwada sau biyu, na farko ya gaza na biyu ya yi, sai a kawo hujjar na biyu a kan ƙorafin na farko. In lambobin ba su yi daidai ba, ka nuna wannan a rubuce ka nemi a sake buɗe ƙorafin. In ATM ne kuma ka tabbata ba ka karɓi komai ba, ka nemi a duba hoton kyamarar injin, kuma ka nema da wuri, don ba a ajiye shi har abada.

Na yi kuskuren lambar asusu, kuɗi ya shiga na wani. Shi ma zai dawo da kansa?

Ba zai dawo ba, domin wannan turawa ba ta gaza ba. Sanar da bankinka nan da nan tare da Session ID don su tuntuɓi bankin mai asusun. Daga nan sai da yardar wanda kuɗin ya shiga wurinsa, in ya ƙi kuma sau da yawa sai da umarnin kotu.

Na yi ƙorafi a shafin banki na sada zumunta, sai wani ya kira ya ce zai mayar min yanzu in na ba shi lambar da aka turo min. In ba shi?

Kada ka ba shi, ka kashe wayar. Masu damfara suna bibiyar irin wannan ƙorafi, su buɗe shafi mai tambarin banki, su kira wanda ransa ya riga ya ɓaci. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar lambar sirrinka, ko lambar OTP, ko alƙaluma uku na bayan kati, ko ka taɓa wani adireshi da aka turo maka. Session ID da RRN ba a cire kuɗi da su, shi ya sa za ka iya bai wa mai karɓa ko ma'aikacin banki, amma ko su kada ka manna a fili tare da lambar wayarka da hoton alat. In ka riga ka bayar da lambar sirri ko OTP, toshe katin da asusun yanzu ta manhaja ko ta lambar USSD ta toshewa da bankinka ya tanada, sannan ka kira lambar da ke bayan katinka.